Shadda ta riga ta sha almakashi: nawa mai shago zai mayar?

Saƙon murya uku ne suka shigo wayar Alhaji a jere da hantsi, kuma tun bai buɗe na farko ba ya san ba gaisuwa aka aiko masa ba. Shagonsa ƙarami ne a cikin Kantin Kwari a Kano, irin wanda in mutum uku suka shiga sai na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa. Ina zaune a kan bencinsa lokacin da ya kara wayar a kunne, na ga fuskarsa ta canja. Mai saƙon wata Hajiya ce da ta sayi shadda yadi 10 a wurinsa kwana tara da suka wuce, za a ɗinka wa ɗanta babbar rigar ɗaurin aure. Ya yi mata kuɗi naira 120,000, ta taya, aka yi ta ja, ya sallama a kan 110,000.

Abin da ya faru shi ne, tela ya fara yanka daga baki ɗaya, ya fitar da wando da 'yar ciki. Da ya warware ragowar domin ya yanki babbar rigar, sai ga wani layi fari-fari ya ratsa tsakiyar ƙyallen, tsawonsa ya kai yadi biyu, daidai inda gaban riga zai faɗo. Saura kwana shida biki. Hajiya ta ce an cuce ta, an sayar mata da ruɓaɓɓen kaya ana sane, kuma ko dai a mayar mata da kuɗinta cas a yau, ko ta zo kasuwar da kanta kowa ya ji.

A saman kantar shagon akwai rubutu, haka ma a ƙasan rasit: ba a karɓar kayan da aka yanka. Yaron shago ya nuna rubutun da baki, ya ce, "Alhaji, ai magana ta ƙare, hoton rasit kawai za a tura mata." Alhaji bai tura ba. Na ga masu shago da yawa sun tura, kuma ban taɓa ganin inda hakan ya kashe wuta ba.

Ƙa'idar kanta tana da dalilinta, kuma dalili ne mai ƙarfi. Ƙyalle ba kamar tukunya ba ne da za a dawo da ita a ɗauraye a mayar kan kanta. Da zarar almakashi ya shiga shadda a kan awon wani mutum, ta tashi daga kayan sayarwa ta koma guntaye. Wandon da aka yanka wa dogo ba zai yi wa gajere ba, dilan da aka saro kayan a wurinsa kuma ba ya karɓar guntaye. Alhaji ya sari wannan shaddar a kan naira 100,000, ribarsa 10,000 ce kawai. In ya mayar da 110,000 ya karɓi yankakken ƙyalle, ribar ciniki da yawa ce za ta tafi a wuni ɗaya. Ga kuma masu sayen kaya su kai gida, ƙawa ta ce launin bai yi ba, su dawo da shi bayan mako biyu da ƙanshin turare a jiki. Domin irin waɗannan aka rubuta ƙa'idar.

Sai dai an rubuta ta ne domin wanda ya canja ra'ayi. Ba a rubuta ta domin wanda aka ba kaya mai aibi ba. Nan ne masu shago da yawa suke tuntuɓe: sukan ɗauki ƙa'idar da aka yi domin wata matsala su rufe wata matsalar daban da ita. Saboda haka tambayar farko da ke gaban Alhaji ita ce, wannan layin daga ina ya fito?

Amsarsa ta farko gajeriya ce, ta murya, kuma babu maganar kuɗi ko ta ƙa'ida a ciki. Ya ce, "Hajiya, na ji saƙonki duka uku. Allah ya huci zuciyarki. Don Allah a ce wa tela ya dakata, kada ya ƙara yanka komai, kada kuma a wanke ko a goge. A aiko min da ƙyallen gaba ɗaya har guntayen, ni zan biya kuɗin ɗan sahu. In sha Allahu kafin magariba za ki ji daga gare ni." Wannan ya saya masa awa shida, ya kuma ba ta lokacin da za ta riƙe. Mai fushi yakan iya jira in ya san iyakar jiran. Shiru ne ba ya iya ɗauka.

Da ƙyallen ya iso bayan azahar, sai aka shimfiɗa shi a kan kanta, aka kira maƙwabta biyu da suka daɗe a sana'ar. Ga wanda ya san kaya, tabo yakan faɗi asalinsa. Ƙunar dutsen guga takan bar wuri mai sheƙi da tauri, sau da yawa har da siffar ƙasan dutsen. Ruwa in ya zuba wa shadda ya bushe, yakan bar da'ira mai duhun baki, sheƙin tsakiyarta ya mutu. Man keken ɗinki ɗigo-ɗigo yake yi, kuma duhu yake ƙarawa. In rana ce ta ci kaya a shago, koɗewar takan bi bakin ninki, wurin da ya leƙo waje, ta riƙa maimaituwa a duk ninki, kuma wannan laifin shago ne. Na Hajiya bai yi kama da ko ɗaya ba. Layi ne miƙaƙƙe da ya bi tsawon saƙa, ana ganinsa ciki da bai, kuma da aka ɗaga ƙyallen a haske sai ga wurin ya fi sauran shara-shara. Zare ne ya kuskure tun a masaƙa. Ba tela ba ne, ba Hajiya ba ce, kuma yana can cikin ninki inda ba mai ganinsa sai an warware yadi goman duka.

Ba a warware ba ranar ciniki, kuma Alhaji ya san dalili. Shadda takan zo a ninke, a danne, tana ƙyalli, mai saye da kansa ba ya son a ba shi wadda aka warware domin gani yake an taɓa ta. Sai a buɗe baki ɗaya, a duba launi da zane, a murza a ji kauri, a naɗe. Tela ma da ya shimfiɗa ƙyallen gaba ɗaya kafin ya sa almakashi, da magana ta zo da sauƙi, domin da canji kawai za a yi. To, amma aibin ya riga tela, kuma daga shagon Alhaji ya fita.

Lissafin da malamai suka daɗe da yi

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, wannan rigimar ba sabuwa ba ce ko kaɗan, kuma 'yan kasuwarmu da suka yi zaure sun san hukuncinta. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, akwai babi a kan mutumin da ya sayi tufa mai aibi, ya yanka, sannan ya gano aibin. An raba mas'alar gida biyu. In mai sayarwa ya san da aibin ya ɓoye, to mai saye zai mayar masa da kayansa a yanke, ya karɓi kuɗinsa duka, ba zai biya komai saboda yankan ba. In kuwa mai sayarwa bai sani ba, zaɓi yana hannun mai saye: ko ya riƙe kayan a rage masa kuɗi gwargwadon aibin, ko ya mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa, amma a cire abin da yankan ya rage wa kayan. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a ko'ina a ƙasar Hausa, ita ma ta kawo wannan ƙa'idar a babin ciniki. Kuɗin da ake mayarwa saboda aibin shi malamai ke kira arashi.

Wato mayar da wani ɓangare na kuɗi ba alfarma ba ce da mai shago ke yi in ya ga dama, ba kuma toshiyar baki ba ce da ake ba mai hayaniya. Haƙƙi ne mai ma'auni. A ganina, wannan shi ne abin da ya fi ɓacewa a irin waɗannan amsoshi. Mai shago yakan kalli girman fushin kwastoma ya yanke adadi: mai ihu a ba ta 40,000, mai kunya a ba ta 5,000 da haƙuri. Duk wadda aka ba kuɗi ta wannan hanya ta san da ta ƙara ɗaga murya da an ƙara mata, don haka ba ta tafiya da gamsuwa ko nawa ne.

Ga yadda aka yi lissafin a kan kantar Alhaji. Yaron shago ya fara da nasa: yadi 10 a kan 110,000, kowane yadi 11,000 ke nan, aibi ya ci yadi biyu, a mayar da 22,000. Lissafin yana da tsabta, amma bai yi daidai ba, domin Hajiya ba yadi ɗai-ɗai ta saya ba. Ta sayi yadi goma a haɗe saboda babbar riga na son faɗi da tsawo ba tare da tabo ba. Layin da ya ratsa tsakiya ya ɓata fiye da wurin da ya kwanta.

Sai aka tambayi maƙwabtan nan biyu tambaya biyu. Wannan shaddar in lafiyarta ƙalau, nawa take a kasuwa yau? Suka ce 120,000. In kuma an nuna wa mai saye wannan layin tun kafin a yanka, nawa zai biya? Suka yi shawara suka ce 90,000, domin za a iya fitar da kaftani da wando masu kyau, sauran kuma a yi wa yaro. Bambancin 30,000 ne, wato kashi ɗaya cikin huɗu na darajar kayan. Amma ba 30,000 za a mayar ba, saboda Hajiya ba 120,000 ta biya ba. Rubu'in abin da ta biya za a cire, rubu'in 110,000 kuwa shi ne 27,500. Ana yin haka ne domin ragin da ta samu da bakinta ranar ciniki ya zauna yadda yake, kada ita ta ci riba a kan aibin, kada shi ma ya ci.

Hanya ta biyu ita ma sai da aka auna ta. Yanzu da ƙyallen yake a yanke a kan awon ango, nawa zai yi? Suka ce da ƙyar ya kai 54,000. Daga 90,000 zuwa 54,000, yankan ya rage 36,000, wato kashi 30 cikin 100 na darajar kayan mai lafiya. Kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ta biya shi ne 33,000. In ta zaɓi ta bar ƙyallen a shago, za ta karɓi 77,000.

Ko wacce ta ɗauka, Alhaji ya yi asara. A ta farko, ribarsa ta 10,000 ta tafi, ya kuma ciro 17,500 daga uwar kuɗi. Ya yi shiru yana kallon lambobin a bayan wani kwali, sannan ya ce a ba shi waya.

Amsar

Wannan karon rubutawa ya yi, domin magana in ta ƙunshi lambobi gara a gan ta da ido, a iya nuna wa maigida ko wani ɗa a gida, kuma kada gobe a ce ba haka aka ce ba. Ga abin da ya tura:

"Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Na duba shaddar da kaina, na kuma sa mutum biyu da suka fi ni sanin kaya sun duba. Gaskiyarki ne, akwai aibi, kuma daga masaƙa yake. Ba laifinki ba ne, ba kuma wurin ɗinki ya samu ba. Daga shagona ya fita, kuma da na warware miki ita duka ranar da kika saya da mun gani tare. Allah ya sani ban san da shi ba, amma ni na sayar miki. Ki yi haƙuri, musamman da abin ya zo a kan bikin ɗanki.

"Dalilin da ya sa ba zan iya mayar da 110,000 duka ba shi ne an riga an yanka wando da 'yar ciki. Da a ce ba a yanka ba, da yanzu na canja miki ko na ba ki kuɗinki cas. Yankakken ƙyalle ba ya komawa wurin dila, ba ya kuma sayuwa a kan kuɗinsa, shi ya sa muka rubuta a rasit cewa ba ma karɓarsa. Amma wannan rubutun bai shafe haƙƙinki na aibin ba.

"Ga hanya biyu, ki zaɓi wadda ta fi miki. Ta farko, ki riƙe shaddar in mayar miki da 27,500. An kimanta cewa aibin ya rage mata kashi ɗaya cikin huɗu, shi ne na cire rubu'in abin da kika biya. Ta biyu, ki bar min ita yadda take in ba ki 77,000, an cire 33,000 ke nan saboda yankan. In kina son wani naki da ya san kaya ya sake kimantawa, a turo shi, na yarda.

"Saboda biki ya matso, ina da irin wannan launin yadi biyar. In kina so zan ba ki a kan kuɗin sari, 50,000, babu riba, a yi babbar rigar da shi. Sai dai ba bandir ɗaya ba ne da na farko, don haka a zo da 'yar cikin a haɗa su a hasken rana kafin a yanka. Duk wadda kika zaɓa, ki turo lambar asusu, kuɗin zai shiga yau kafin isha'i in sha Allahu."

A lura da inda ƙa'idar shagon ta zauna a cikin wannan saƙo. Ba ita ta buɗe shi ba. Sai da ya gama amsa cewa akwai aibi, ya faɗi daga ina yake, ya ɗauki nasa kason, sannan ya kawo ta. Wanda ya fara da "kamar yadda kika gani a rasit" ya riga ya gaya wa kwastoma cewa ya zo kare kansa ne, duk abin da ya biyo baya kuma da kunnen faɗa za ta ji shi. Sannan bai kawo ƙa'idar tsirara ba, ya haɗa ta da dalilinta a jimla ɗaya: dila ba ya karɓa, kayan ba ya sayuwa. Mace mai sayen kayan biki ta san kasuwa, ta san wannan gaskiya ne. Jimlar da ta fi kowace aiki a wurina ita ce wadda ya ce da ba a yanka ba da ya ba ta kuɗinta cas. Ita ce ta nuna cewa ƙa'idar tana da iyaka, kuma almakashi ne ya kawo su inda suke.

Akwai abubuwan da ya sani amma ya bar su a cikinsa. Ya san tela ya yi sakaci, bai faɗa ba. Hajiya za ta gano wannan da kanta, in kuwa daga bakinsa ta ji, za ta ɗauka yana neman wanda zai jingina wa laifi. Bai ce mata ta kwantar da hankalinta ba, domin babu mai fushin da wannan kalma ta taɓa kwantar wa da hankali. Bai tanka zargin cuta da barazanar zuwa kasuwa ba, in ban da rabin jimla da ya ce bai san da aibin ba, ya wuce. Bai kuma ba ta labarin tsadar dala da kuɗin haya da asarar da zai yi ba. Duk gaskiya ne, amma ita ba ta tambaye shi ba, kuma mai riƙe da ƙyallen da ya lalace kwana shida kafin biki ba ta da wurin ajiye kukan wani.

Haƙurin da ya bayar ma yana da ma'auni. Wasu in sun tsorata sukan zuba ban-haƙuri har su amsa laifin da ba su yi ba, daga baya kuma su ce rubu'i kawai za su biya, sai maganar ta ci karo da kanta: in kai ka cuce ni, don me za ka ba ni rubu'i? Alhaji ya amsa abu biyu tak, cewa kayan daga shagonsa ya fita, kuma bai warware ba. Adadin da ya bayar ya yi daidai da abin da ya amsa.

Ba kowane ƙorafi ne ya cancanci wannan amsar ba. Da binciken ya nuna ƙunar dutsen guga ce, da babu arashi, sai bayani cikin ladabi da hoton wurin. Da kuma kayan lafiya lau yake, Hajiya ce kawai ta ga launin bai kwanta mata ba, ba a kuma yanka ba, to karɓarsa kyautatawa ce, abin da malamai ke kira iƙala, wato warware ciniki don sauƙaƙa wa wanda ya yi nadama. Shari'a ta kwaɗaitar da ita, ba ta tilasta ba. In kuwa mai shago ya san da aibin ya ninke shi ciki, to babu maganar rubu'i ko rabi. Kuɗi duka zai mayar, kuma tayin wani ɓangare a wannan hali ƙarin cuta ne a kan cuta.

Dokar ƙasa ma ba ta bar rubutun kan kanta ya zama garkuwa ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara masa, ko a canja, ko a mayar masa da kuɗinsa. A 2022 wata babbar kotu a Inugu ta yanke cewa ƙa'idar "ba a mayar da kuɗi" ta wani kamfanin motocin sufuri ta saɓa wa wannan doka, ta kuma sa shi biyan fasinjan diyyar naira 500,000. Ma'anar wannan ga mai ƙaramin shago ita ce, abin da yake turawa tayin sulhu ne. Sai kwastoma ta yarda yake zama, in ta ƙi tana da inda za ta kai ƙara, tun daga shugabannin kasuwa har hukuma. Shi ya sa kalmomi irin su "iyakar abin da za ki samu ke nan" ba su da wuri a cikin saƙon, kuma shi ya sa Alhaji ya buɗe ƙofar a kawo wani ya sake kimantawa. Wanda ya yi lissafinsa da gaskiya ba ya tsoron a sake shi.

Amsar Hajiya ba ta zo da wuri ba, kuma da ta zo ba ta zo da sanyi ba. Ta ce ita kuɗin ɗinki fa, wa zai biya ta, tunda ta riga ta ba tela rabin kuɗinsa har da na aikin wuya? Nan ne wuri na biyu da ake faɗuwa. In mai shago ya ƙara 10,000 saboda an sake ɗaga murya, ya rushe lissafinsa da hannunsa, ya nuna cewa adadin farko tayi ne irin na ciniki. Alhaji ya amsa cewa wando da 'yar ciki da tela ya yanka lafiyarsu ƙalau, za a sa su, aikin wuya kuma ba a fara ba, don haka kuɗin ɗinkinta bai faɗi ba. Ya ce 27,500 na nan yadda yake, yadi biyar a kan kuɗin sari ma yana nan, kuma yaronsa zai kai wa tela har shago a daren nan don kada a rasa kwana.

Bayan la'asar sai ga ƙanin ango ya shigo da 'yar cikin a leda. Aka fita da ita bakin layi inda rana ke faɗowa, aka ɗora ta a kan sabon ƙyallen. Akwai ɗan bambanci, sabon ya fi duhu kaɗan, irin wanda sai an haɗa su gefe da gefe ake gani. Ya ɗauki hoto ya tura gida, aka ce a karɓa. Wannan karon Alhaji da yaronsa suka kama baki-baki suka warware yadi biyar ɗin duka, suka ɗaga shi a haske, saurayin ya bi shi da ido daga farko har ƙarshe kafin a ninke.

Ba a yi ragin a baki ba. Alhaji ya tura 27,500 ta banki daban, aka biya shi 50,000 daban, ko da yake da an so da sai a ce ta ciko 22,500 a wuce wurin. Ya ce yana son alat ɗin ya shiga wayarta ta ga kuɗin aibinta da idonta, shi ma ya sami shaida. Ya rubuta a bayan kwafin rasit: an mayar da 27,500 saboda aibin saƙa, mai saye ta riƙe kaya, magana ta ƙare da yardar kowa. Saurayin ya sa hannu a madadinta.

Ragowar ƙyallen mai layin an mayar wa Hajiya, domin nata ne, ta ce za a yi wa jikoki. Kafin a tafi da shi Alhaji ya ɗauki hotonsa a haske, tare da tambarin da ke jikin bakin yadin, domin washegari da safe zai je wurin dila da tasa maganar, kuma a can shi ne kwastoma. Rasit ɗin da ya ba da a buga bayan wannan ya canja. Inda a da aka rubuta layi ɗaya, yanzu uku ne: a warware kaya a duba kafin a bar shago, kayan da ba a yanka ba, ba a wanke ba, ana canja shi cikin kwana bakwai, in an sami aibin kamfani bayan an yanka, a kawo za a kimanta a biya.